Its ko it's: ka buɗe kalmar, ka karanta jimlar har ƙarshe

"Malam, barka da aiki. Ina taya kawuna tsaron shagonsa na famfunan ruwa masu aiki da hasken rana a nan Damagaram, kuma ni nake rubuta saƙon Ingilishi zuwa ga masu aiko mana da kaya. Kwanan baya na rubuta *The pump has lost it's pressure*, sai wani abokina da ya yi karatu a Kano ya ce kuskure ne. Amma a kwaleji an koya mana *Musa's car*. To me ya hana famfo samun nasa *'s* ɗin? Kuma akwai dabarar da zan riƙa gwadawa kafin in tura saƙo?"

Ɗana, abokinka ya yi gaskiya. A jimlar nan *its* ake rubutawa, babu ɗan waƙafin nan na sama da muke kira apostirof a lakwal. Amma kai ma ba da ka ka rubuta ba. Ƙa'ida ka bi, ƙa'idar kuma gaskiya ce, sai dai ka kai ta gonar da ba tata ba. Na yi shekara sama da ashirin ina koyar da Ingilishi a garin nan, kuma na lura wannan kuskuren ya fi kama yaran da suka riƙe darasi da kyau. Wanda bai san *Musa's car* ba ai ba zai ma yi tunanin sa waƙafi ba.

Ga dabarar tun da farko, sauran bayanin duk a kanta zai rataya. Duk inda ka zo rubuta wannan kalma, ka cire ta, ka sa *it is* a gurbinta, ka karanta jimlar daga farko har aya. In ta zauna daidai, *it's* ne mai waƙafi. In ba ta zauna ba, ka sake gwadawa da *it has*. In wannan ta zauna, nan ma *it's* ne. In duka biyun sun ƙi, to *its* ne, ka bar shi haka nan ba komai a kansa.

Mu gwada da taka. *The pump has lost it is pressure.* Ko wanda ya yi wata uku kawai yana Ingilishi zai ji maganar ta karye a tsakiya. *The pump has lost it has pressure.* Wannan ma ba ta da kai ba ta da gindi. Saura *its*: *The pump has lost its pressure*, wato famfon ya rasa ƙarfin turinsa.

Ramin da waƙafin yake rufewa

Abin da ya sa gwajin yake aiki shi ne *it's* ba kalma ɗaya ba ce. Kalmomi biyu ne aka haɗe saboda saurin baki, aka zubar da harafi ɗaya ko biyu, aka dasa waƙafi a wurin don a nuna an cire wani abu. A *it is* an zubar da *i*. A *it has* an zubar da *h* da *a*. To idan waƙafin murfi ne a kan rami, sai ka ɗaga murfin ka leƙa. In ka tarar da *is* ko *has* a ciki, murfin yana bisa ƙa'ida. In ka ɗaga ka ga ƙasa ce a shafe babu rami, ka san murfin ba shi da aikin yi a wurin.

Mu da muka yi karatu da Faransanci wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Waƙafin da ke cikin *l'école* ya tsaya a madadin *a* na *la*, wanda ke cikin *c'est* kuma ya tsaya a madadin *e* na *ce*. Ingilishi ma daga Faransanci ya aro wannan alamar a ƙarni na 16, da wannan aikin na nuna an haɗiye harafi.

Har gwajin kansa ka daɗe da saninsa, suna kawai ya canza. Ka tuna ranakun dikte a firamare, lokacin da mushe yake zagaya aji yana maimaita jimla sau uku, ku kuma kun duƙufa a kan kaye kuna kokawa da *a* da *à*? Abin da aka koya mana shi ne mu sa *avait* a wurin. In ta shiga, *a* ne marar alama. In ba ta shiga ba, *à* ne. Haka aka koya mana raba *et* da *est* ta hanyar gwada *était*. Ba a ce mu saurara da kyau ba, domin kunne ba zai raba *a* da *à* ba ko ya kwana yana sauraro. Haka *its* da *it's* suke. Lafazinsu ɗaya ne tak, ko a bakin mutumin Landan, ko a bakin mutumin Legas. Babu wanda ya taɓa yin wannan kuskuren da baki. Cutar alƙalami ce kawai, shi ya sa maganinta ma sai an tsaya an musanya kalma an gani da ido.

Ina yawan gaya wa ɗalibaina cewa *it's* yakan yi daidai da *c'est* ko *il est*, shi kuwa *its* ɗan'uwan *son* da *sa* da *ses* ne. Duk yaron da ya taɓa shan jan bik saboda ya rubuta *ses* a wurin *c'est* ya riga ya san irin wannan tarkon.

To ina aka baro motar Musa?

A Ingilishi waƙafin yana da aiki na biyu, wanda Faransanci bai ba shi ba, wato nuna mallaka. Shi ne na *Musa's car*, kuma da ka ambaci famfon da sunansa, da ka sa masa shi ba tare da wani ya ce uffan ba: *the pump's pressure*. Wannan daidai ne ɗari bisa ɗari. Ƙa'idar tana aiki a kan suna, sunan mutum ne, ko na dabba, ko na abu.

Sai dai *it* ba suna ba ne, wakilin suna ne, kuma wakilan suna suna da gidansu daban da nasu tsarin. Ka jera su ka duba: *my, your, his, her, our, their*. Sannan ƴan'uwansu masu tsayawa su kaɗai: *mine, yours, his, hers, ours, theirs*. Da yawansu suna ƙarewa da *s*, amma ko ɗaya babu mai waƙafi. Ba ka taɓa rubuta *hi's* ba, hannunka ma ba zai yarda ba. To *its* ɗan wannan gidan ne, ƙanin *his*. Mallakar tana cikin jikin kalmar tun asali, ba sai an liƙa mata alama ba. Akwai guda ɗaya da ya fita zakka, wato *one's* a irin *one's own country*, amma ba kasafai zai shigo saƙon shago ba.

Daga nan ne gwaji na biyu yake fitowa, kuma ina so ka riƙe shi tare da na farko, domin kowannensu yana tabbatar da ɗan'uwansa. Ka mayar da famfon mutum na ɗan lokaci, ka sa *his* a wurin. *He has lost his pressure.* Ginin jimlar ya tsaya da ƙafarsa, ko da ma'anar ta zama baƙuwa. Inda *his* ya shiga, *its* ne marar waƙafi. Inda kuwa *he is* ko *he has* ne ya shiga, *it's* ne. Dangantakar *his* da *he's* ita ce dangantakar *its* da *it's*, sai dai su na farkon Allah ya taimake su lafazinsu ya bambanta, shi ya sa ba a cika rikita su ba.

Harshenmu ma yana ba da hannu a nan, har ya fi Faransanci. Ka fassara jimlar a zuciyarka. In ka ji *-nsa* ko *-nta* ko *-rsa* ko *-rta* ya manne a wutsiyar wani suna, kamar ƙarfinsa, wayarsa, murfinta, ƙafarta, to *its* ne. Abu ɗaya za ka kula da shi: Hausa ba ta da jinsi na uku. A wurinmu famfo namiji ne, mota mace ce, shi ya sa nake yawan ganin *his cable* a kan famfo da *her door* a kan mota a takardun ɗalibai. Ingilishi yana ware abin da ba mutum ba ya ba shi *it*, mallakarsa kuma *its*, in dai abu ɗaya ne. In sun kai biyu sai a koma *their*.

Kada kuma ka ɗauka tun fil'azal haka abin yake. A tsohon Ingilishi babu kalmar *its* sam. *His* ne yake yi wa namiji aiki, yake kuma yi wa abu marar jinsi. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 16 *its* ya fara bayyana a rubuce, kuma mutanen ƙarni na 17 da na 18 da yawa sun rubuta shi da waƙafi, bisa irin hujjar da ka kawo. A kwafin hannu na tsarin mulkin Amurka na 1787 akwai wurin da aka rubuta *it's inspection Laws*, ana nufin mallaka. A wancan zamanin abin bai cika damun kowa ba, domin in ana son gajarta *it is* an fi cewa *'tis*. Da *'tis* ya tsufa, *it's* ya gaje wurinsa, sai kalmomi biyu suka haɗu a riga ɗaya, dole aka raba musu. Zuwa ƙarni na 19 rabon ya zauna yadda muka same shi yau: gajartawa ta riƙe waƙafi, mallaka ta haƙura da shi. Don haka hujjarka tana da tarihi a bayanta. Amma wanda zai karanta saƙonka yau da ƙa'idar yau zai auna ka, kuma ita ba ta da sassauci a kan wannan.

Mu bi saƙo guda ɗaya, gurbi bayan gurbi

Bari in ƙaga saƙo irin wanda kake turawa, in bar gurabe bakwai a buɗe, mu cike su tare.

*The pump arrived on Monday. ___ working, but ___ stopped twice since then. ___ cable gets hot in the afternoon, and the controller switches off on ___ own. I think ___ time to change the cable. ___ been in the sun for a week and ___ colour has changed.*

Gurbi na farko: *It is working.* Ta zauna, ba sai an je ga gwaji na gaba ba. Famfon yana aiki. *It's working.*

Na biyu shi ne inda mutane da yawa suke sakin hanya, domin *it is* kaɗai suka sani. *It is stopped twice since then* ba ta yi daɗi ba, sai mutum ya yanke hukunci da gaggawa ya ce to *its* ne. A'a, akwai sauran ƙofa ɗaya da ba a ƙwanƙwasa ba. *It has stopped twice since then.* Wannan lafiyayyar jimla ce, ya tsaya sau biyu tun daga ranar. Saboda haka *it's stopped*, da waƙafi. Na sha gyara wa ɗalibai wannan, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: an koya musu rabin gwajin, an manta da *has*.

Na uku: *It is cable gets hot.* Ta karye. *It has cable gets hot.* Ita ma ta karye. Amma ka lura da wani abu a nan. In da ka tsaya a kalma ta uku, *it has cable*, sai ka ji kamar magana ce mai yiwuwa. Sai da *gets* ya iso sannan ginin ya rushe, domin aikatau biyu sun yi karo babu mahaɗi a tsakaninsu. Shi ya sa nake nanata cewa har aya ake karantawa. Gwaji na biyu ya tabbatar: *his cable gets hot*, wayarsa tana zafi. *Its cable.*

Na huɗu: *on it is own*, *on it has own*, duka shirme ne. *On his own* kuwa sananniyar magana ce. *On its own*, wato da kansa. Wannan ma ka iya haddace shi, domin kafin *own* na mallaka kullum *its* ne marar waƙafi, kuma yana cikin wuraren da aka fi ganin kuskuren ko a rubutun waɗanda Ingilishi ne harshen uwarsu.

Na biyar: *I think it is time to change the cable.* Daidai. *It's time*, lokaci ya yi.

Na shida: *It is been* babu ita a Ingilishi. *It has been in the sun for a week*, wannan ita ce. *It's been.* Duk inda ka ga *been* ko *got* a gaba, *has* ne yake ɓoye a ƙarƙashin murfin.

Na bakwai: *it is colour has changed*, a'a. *It has colour has changed*, a'a. *His colour has changed*, launinsa ya canza. *Its colour.*

Gurabe bakwai, huɗu da waƙafi, uku babu. In ka saba, duka aikin ba zai ci maka minti ɗaya ba.

Wata gajeriyar hanya da ba na so ka bi

Za ka ji wasu suna cewa in suna ne ya biyo baya, to *its* ne, in aikatau ne ko sifa, *it's* ne. Sau da yawa tana fitar da mutum, shi ya sa take da farin jini. Amma ka koma gurbi na biyar. *Time* suna ne, kuma ga shi *it's* muka rubuta. Dubi waɗannan biyun:

*It's time to pay.*

*Everything has its time.*

Kalmar da ta biyo baya ɗaya ce, amsar ta bambanta. Ta farko lokacin biya ya yi, ta biyu komai da lokacinsa. Haka kuma sifa tana iya shiga tsakanin *its* da sunansa, kamar *its new cable*, sabuwar wayarsa, alhali *it's new* na nufin sabo ne. Wanda yake kallon kalmar gaba kaɗai zai ga *new* a duka biyun ya rasa tudun dafawa. Maƙwabciyar kalma ba ta isa shaida ba, jimlar gaba ɗaya ake tambaya.

Akwai wuri ɗaya da gwajin *it is* kansa yake iya ruɗin mutum in ya yi garaje, kuma gara in nuna maka shi tun kafin ka ci karo da shi a wata takarda. Shi ne kafin kalma mai ƙarewa da *-ing*, musamman *being*. *It's being repaired* na nufin ana cikin gyaransa, kuma *it is being repaired* ta zauna daram. Amma a rubutu mai nauyi za ka iya ganin irin *We were surprised at its being so cheap*, wato mun yi mamakin arharsa. In ka yanko guntun kawai, *it is being so cheap*, sai ka ji kamar ya yi. In ka ɗauko daga farko, *we were surprised at it is being so cheap*, nan take za ka ji *at* ya ƙi karɓar abin da aka ɗora masa. *At his being* kuwa ya shiga. Irin wannan ginin ba lallai ka riƙa yinsa da kanka ba, akwai hanyoyi masu sauƙi na faɗin maganar. Amma in ka gan shi kada ka ce marubucin ya manta da waƙafi.

Gwajin hanya ɗaya yake bi

Wannan wurin yana da muhimmanci, kuma ba a cika faɗarsa a aji ba. Kowane *it's* ana iya buɗe shi ya koma *it is* ko *it has*. Amma ba kowane *it is* ko *it has* ne ake iya rufewa ya koma *it's* ba.

In mai aiko muku da kaya ya tambaya *Is the pump working?*, amsar ita ce *Yes, it is.* Ba a cewa *Yes, it's.* Gajartaccen ba ya zama a ƙarshen jimla, domin a can murya takan sauka a kan *is* ɗin, kuma ba a danna abin da aka haɗiye. Haka *I don't know where it is*, a buɗe ake barinta.

Sannan *has* iri biyu ne. Akwai mai taimaka wa wani aikatau, kamar *it has stopped*, shi ne ake gajartawa. Akwai kuma na "yana da", kamar *it has two cables*, yana da waya biyu. Wannan a bar shi a cike. In ka rubuta *it's two cables*, mai karatu zai fahimci kana cewa abin waya biyu ne, ba yana da waya biyu ba, kuma a harkar odar kaya irin wannan saɓanin yana iya sa a ɗoro muku abin da ba ku nema ba. In kana son gajartawa a nan sai ka ƙara *got*: *it's got two cables*.

*It was* kuma ba ya gajartuwa zuwa *it's* ko kaɗan. Na sha ganin *Yesterday it's hot* a takardun masu shirin BEPC. Abin da ya wuce sai a rubuta *it was* cikakke. Siffa ta uku da wasu ke ƙirƙirowa don su raba gardama, wato *its'* da waƙafi a bayan *s*, babu ita a Ingilishi. Duk inda ka gan ta kuskure ce.

Wani lokaci za ka rasa gane ko *is* ne a ciki ko *has*, kamar a *it's broken*, wadda za ta iya zama a karye yake ko kuwa ya karye. Kada wannan ya tsayar da kai. Ko wanne ne a ciki, ramin yana nan, waƙafin ya halatta.

Kafin ka danna turawa

Yawancin saƙonninka na san a waya kake rubuta su, kuma wayar tana da nata ra'ayin. Maballan waya da yawa in an sa su a Ingilishi sukan mayar da *its* ya koma *it's* da kansu, ko su miƙo maka shi a layin shawara, ka taɓa ba ka duba ba. In kuma a Faransanci ka bar su kana rubuta Ingilishi, gyaran nasu sai ya ƙara dagulewa. Na taɓa karɓar saƙo daga wani tsohon ɗalibina, yaro mai ƙoƙari wanda na tabbata ya san ƙa'idar nan, da *it's* uku a wurin *its*. Da muka haɗu na nuna masa, sai ya karɓi wayarsa ya sake rubuta jimlar a gabana. Ina kallo ya buga haruffa uku daidai, yana danna tazara waƙafin ya faɗo da kansa. Tun daga ranar nake ce wa ɗalibai gwajin bayan an gama rubutu ake yinsa, a kan abin da ke fuskar waya, domin abin da ka buga da abin da ya fito ba kullum suke zama ɗaya ba.

In a kwamfuta ne, kuma takardar tana da tsawo, ka danna `Ctrl+F` ka nemi kalmomin biyu ɗaya bayan ɗaya, domin neman `its` ba zai nuna maka `it's` ba. Neman `its` zai kwaso maka har da irin *units* da *limits* da *fruits*, sai ka tsallake su, ko ka zaɓi neman cikakkiyar kalma kawai. Kowane wanda ya fito ka buɗe shi ka karanta jimlarsa. Jan layi ko shuɗin layin da manhajar rubutu take ja yana kama wasu, yana barin wasu, domin duka biyun kalmomi ne na gaskiya, babu wadda harafinta ya ɓace.

Shawarata ta kaina kuwa, wadda nake ba duk mai rubuta takardar kasuwanci ko ta neman aiki ko ta neman gurbin karatu, ita ce ya daina gajartawa gaba ɗaya a irin waɗannan takardun. Ka rubuta *it is* da *it has* a cike. Ba wanda zai ga laifinka, hasali ma a rubutun hukuma haka aka fi so. Ribar da za ka samu ita ce duk *it's* ɗin da ka hango a takardarka ka san baƙo ne: ko dai ka buɗe shi ya koma kalma biyu, ko ka cire masa waƙafi. A hirar waya da abokai kuwa ka gajarta yadda kake so, nan ne gidan *it's*, kuma rashinsa ma yakan sa magana ta yi tauri kamar wasiƙar ofis.

Saƙon da ka riga ka tura kada ya hana ka barci. Wanda ya karɓa ya gane famfo ne ya rasa ƙarfi, kuma da wuya wannan kuskuren ya juya ma'ana, illarsa ita ce yadda yake sa a ɗauki mai rubutun. Abin da nake so ka yi yau da dare, in kun rufe shago, shi ne ka buɗe saƙonni goma na ƙarshe da ka tura wa mutanen nan, ka bi duk *its* da *it's* da ke ciki da *it is*, da *it has*, da *his*. Ka kwafe waɗanda suka faɗi a bayan kaye, kowanne da cikakkiyar jimlarsa. In ka samu wadda gwaji ukun suka kasa raba maka, ka kawo mini ita yadda take, kada ka gyara komai, mu duba tare. Ka gaishe mini da kawun naka.